Saƙon safiyar Litinin ba ya faɗa wa mai neman aiki inda takardarsa ke maƙalewa

Duk safiyar Litinin, tun kafin mai shayi ya gama hura wuta, saƙonnin sun riga sun cika wayoyi. A WhatsApp ne, a Facebook ne, za ka ga hoton wani cikin kwat yana kallon sama, ko hoton zaki, ko rana tana fitowa, a ƙasa an rubuta #MondayMotivation. Wasu da Turanci suke zuwa, wasu da Hausa, amma maganar ɗaya ce: tashi ka nema, kada ka gaji, wanda ya ƙi ka yau gobe shi zai neme ka, tura takarda wuri goma kullum, rabonka na nan tafe.

Waɗanda aka fi yi wa waɗannan saƙonni su ne matasan da suka gama bautar ƙasa, alawus ya tsaya, suka dawo ɗakin da suka bari a gidan iyaye. Ba na zargin mafi yawan masu turawa da mugun nufi. Wanda ya taɓa zaman jiran aiki ya san yadda safiyar Litinin take da nauyi, lokacin da kowa a layi ya yi wanka ya fita, kai kuma kana tsaye a ƙofar gida ba ka da inda za ka. Kalma mai daɗi a irin wannan lokaci tana da ranarta.

Amma akwai shawara guda da saƙonnin suka fi nanatawa wadda nake ganin tana cutar da matasa, wato “ci gaba da turawa kawai”. Idan mutum ya tura takarda sau hamsin bai ji komai ba, shirun nan yana da dalili, kuma sau da yawa ana iya gano shi. Saƙon da ya ce masa ya tura ta hamsin da ɗaya ba tare da ya tsaya ya duba ba, ruwa ya ba shi ya zuba a kwando.

Takarda 63, kira ɗaya

Wani ƙanena, ɗan baffana, ya yi babbar difloma, wato HND, a fannin akanta. Shekararsa 28 lokacin da ya gama bautar ƙasa. Yana cikin zauruka uku na masu neman aiki a WhatsApp, kuma ba ya fashin ɗora saƙon ƙarfafa gwiwa duk Litinin. Wata biyar da dawowarsa ya same ni da yamma ya ce, “Yaya, ni fa na fara tunanin an yi min asiri ne. Ba abin da ban yi ba.”

Na ce masa ya buɗe akwatin imel ɗinsa da hotunan tallace-tallacen da ya adana a waya, mu ƙirga. Muka samu littafin rubutu na ’yan makaranta, muka ja layi huɗu: sunan wurin, sharuɗɗan da suka gindaya, abin da ya tura, da amsar da ya samu. Aikin ya ci mana daren Juma’a da yinin Asabar. Wurare 63 muka lissafa.

A cikinsu, 22 sun rubuta ƙarara cewa ba sa son wanda ya wuce shekara 26 ko 27. Wasu 14 digiri kawai suke so, ko kuma wanda ya yi shekara uku zuwa biyar yana aiki. Guda 9 ba aiki ba ne ma, tarko ne, kuma biyu daga ciki sun karɓe masa kuɗi. Saura 18. Wato a wata biyar ɗin nan, wurare 18 ne kaɗai takardarsa take da damar kaiwa hannun wani mutum ya karanta. A cikinsu ne aka kira shi sau ɗaya.

Na tambaye shi me ya sa yake turawa inda ya ga an sa shekarun da ya wuce. Ya ce, “Ai cewa ake kada ka hana kanka, ka bari su su hana ka.” Wannan jumla daga saƙon Litinin ya ɗauko ta. Ga abin da saƙon bai faɗa masa ba.

Ƙofa ta farko: ba mutum ne ke tsaronta ba

Manyan kamfanoni da hukumomin gwamnati da ke karɓar dubban takardu ba sa zama su karanta su ɗaya bayan ɗaya. Fom ake cikewa a intanet, a sa ranar haihuwa, irin takardar karatu, matakin sakamako kamar 2:1 ko 2:2, da lambar takardar bautar ƙasa. Da an rufe karɓa, sai a tace da waɗannan bayanai. Wanda shekarunsa suka haura da wata ɗaya ya fita, ba tare da wani ya ga kyawun wasiƙarsa ko yawan ladabinsa ba. A wannan ƙofa, naci ba ya aiki, domin babu wanda za ka burge.

Kuma sharaɗin shekaru ba ƙaramin zalunci ba ne ga ɗan makarantar gwamnati. Mu yi lissafi. Yaro ya gama sakandare yana da 18, ya yi shekara ɗaya yana jiran gurbi. Ƙaramar difloma shekara biyu, aikin koyon sana’a na dole shekara ɗaya, babbar difloma shekara biyu. Jiran sakamako da kiran bautar ƙasa kan ci watanni da yawa, wani lokaci shekara, sannan bautar kanta shekara ɗaya. Ya kai 26 bai faɗi ko jarrabawa ɗaya ba. Ɗan jami’a kuma yajin aikin ASUU na 2020 ya ci masa wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. A 2023 Majalisar Dattawa ta yi kira ga masu ɗaukar aiki su sassauta wannan sharaɗi, amma har yau tallace-tallacen na fitowa da shi.

To mene ne abin yi? Ba rage shekaru da takardar rantsuwa ba, domin ranar haihuwar tana nan a NIN da BVN da takardun makaranta, kuma ranar da aka gano, aikin da mutuncin duka za su tafi. Abin yi shi ne karanta sharuɗɗa kafin a taɓa fom. Idan sharaɗin na shekaru ne ko na irin takardar karatu, kuma ba ka cika ba, wuce. Idan kuma na gogewa ne kamar “shekara ɗaya zuwa biyu”, a nan akwai magana, kuma zan dawo kanta.

Ƙofa ta biyu: takardunka sun yarda da juna?

Kira ɗayan da ƙanena ya samu daga wata hukumar gwamnati ne. Ya ci jarrabawar kwamfuta, ya yi kuɗin mota ya je tantance takardu, aka dawo da shi daga teburin farko. Shi dai abin da ya riƙe shi ne “ba ni da hanya”. Da muka baje takardunsa a kan tabarma sai ga abin a fili. A sakamakon sakandare an rubuta sunan mahaifinsa da wani salon haruffa, a NIN da wani. A difloma an sa sunan garinsu a matsayin suna na uku, a sauran babu. Mafi muni, shekarar haihuwar da ke NIN ta bambanta da ta takardar haihuwarsa da shekara ɗaya, saboda ranar rajista ƙiyasi aka yi.

Wannan matsala ta yi yawa a wajenmu. Suna ɗaya ana rubuta shi Muhammad, Mohammed ko Muhammadu, gwargwadon wanda ya riƙe biro a ranar. Wani a firamare sunan mahaifi aka sa masa, a sakandare sunan kaka. A gida ba komai ba ne. Amma ga jami’in da ke da ɗaruruwan mutane a layi da guraben da ba su kai yawansu ba, wannan dalili ne da ya ishe shi ya ajiye fayil, kuma ba wanda zai ce ya yi son kai.

Ana gane matsalar cikin minti goma. A jera takardar haihuwa ko ta shaidar shekaru, takardar shaidar ƙaramar hukuma, sakamakon WAEC ko NECO, satifiket ɗin babbar makaranta, takardar NYSC da takardar NIN. A duba abu uku a kowace: haruffan suna, jerin sunayen, da ranar haihuwa. Idan bambancin na rubutun suna ne, akan yi takardar rantsuwa a kotu da ke tabbatar da cewa mutum ɗaya ne, wasu wuraren kuma sai an haɗa da sanarwa a jarida. Idan kuskuren a NIN yake, hukumar NIMC ce ke gyarawa, ana biyan kuɗi, kuma gyaran ranar haihuwa ya fi na suna tsada da ɗaukar lokaci. Shi ya sa ba ranar da aka buɗe ɗaukar aiki ake fara shi ba. Wanda ya fara gyaran a watan da ya dawo daga bautar ƙasa ya fi wanda ya tura takarda ɗari a watan.

Ban taɓa ganin saƙon Litinin da ya ce “yau ka baje takardunka ka gwada su da juna” ba. Ba shi da daɗin ɗorawa a ƙarƙashin hoton zaki.

Ƙofa ta uku: gogewar da matasa ke ɓoyewa da hannunsu

Sauran wurare 17 ƙananan kamfanoni ne da makarantu da shagunan sari, inda mutum ne ke buɗe takarda ya karanta. A nan laifin na CV ɗinsa ne. A shagon kwamfuta aka buga masa, an ɗauki na wani an canza suna. Ya buɗe da cewa shi mai ƙwazo ne, mai gaskiya, mai son aiki da jama’a. Sai jerin makarantu tun daga firamare, sai abubuwan sha’awa: karatu, tafiye-tafiye da ƙwallo. A wurin gogewar aiki layi ɗaya ne tak: bautar ƙasa, da shekarar.

Na tambaye shi me ya yi a shekarar da ke tsakanin ƙaramar difloma da babba. Ya ce, “Ai wannan zaman shago ne kawai, Yaya.” Zaman shagon nan, a wurin wani ɗan kasuwa mai sarin kayan masarufi a Kasuwar Singa ya yi shi. Shi ke rubuta cinikin kullum, shi ke gwada shi da kuɗin da suka shiga banki kafin a rufe, shi ke riƙe littafin bashin ’yan kiri kusan arba’in. A bautar ƙasa kuma, ban da koyarwa, shi ya kwashe lissafin kuɗin da iyayen yara ke biya daga littafi ya mayar da shi cikin Excel, na ɗalibai sama da 400.

Ni ma HND na yi, kuma na san wannan kuskure domin na tafka shi. Mai babbar difloma yana da watannin SIWES, yana da cikakkiyar shekara ta koyon aiki, yana da shekarar bautar ƙasa. Idan aka haɗa, sama da shekara biyu ke nan yana shiga wurin aiki yana fita. Amma sai ya ga an rubuta “gogewar shekara biyu” ya ce ba shi da ita, ko ya tura takardar da ba ta nuna ta ba.

Gyaran da muka yi mai sauƙi ne. Muka cire yabon kai, domin kowa mai ƙwazo ne a takarda. Muka cire firamare da ƙwallo. A ƙarƙashin kowane wuri da ya zauna muka rubuta layi biyu ko uku: me ya yi, da wane kayan aiki, kuma nawa ne yawansa. Maimakon “na taimaka wajen lissafi”, sai muka sa cewa yana daidaita cinikin kullum da bayanin banki, yana bibiyar bashin abokan ciniki kusan 40. Muka sa lambar maigidan shagon a matsayin mai shaida, bayan ya je ya gaishe shi ya nemi izini. Duka ya tsaya a shafi ɗaya.

Ba zan mayar da labarinsa wani saƙon Litinin ba. A mako shida da suka biyo baya wurare 11 kawai ya nema, uku suka kira shi intabiyu, biyu ba su ɗauke shi ba. Na ukun wani mai rarraba kaya ne da tsohon maigidansa ya yi masa magana, ya ɗauke shi gwajin wata uku a kan albashin da bai fi alawus ɗin bautar ƙasa na yanzu, naira 77,000, da wani abin kirki ba. Ƙofar bankunan da yake mafarki ta rufe saboda shekaru, kuma babu gyaran da zai buɗe ta. Abin da ya canza shi ne ya daina zargin asiri, ya san inda yake faɗuwa.

Wutsiyar da ke bin saƙon

Mu koma kan guda taran nan. Yawancinsu a cikin zaurukan da ake tura saƙon ƙarfafa gwiwa ya same su, kuma ba haɗuwa ce ta banza ba. Wanda aka yi wata da watanni ana gaya masa cewa dama sau ɗaya take zuwa, kuma mai jinkiri shi ke asara, an riga an gyara shi don ya biya kuɗi da gaggawa. Da safe a ce masa ya yi imani da kansa, da rana a turo masa adireshin “ɗaukar ma’aikata”, da yamma a ce gurbi ya kusa cika, ya tura 5,000 na fom ko na gwajin lafiya.

Alamomin ba sa ɓuya. Ana neman kuɗi kafin a ga fuskarka. Asusun da za a tura kuɗin na mutum ne, ba na hukuma ba. An ce aikin gwamnatin tarayya ne amma adireshin shafin bai ƙare da .gov.ng ba. An ce ka tura wa zauruka biyar kafin fom ya buɗe. An kira ka intabiyu a wurin da ba ka taɓa nema ba, ba a faɗi sunan kamfanin ba. Ko kuma ana tambayar lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka. Ɗaya daga cikin waɗannan ta isa ka janye.

Iyakar abin da matashi zai iya gyarawa

Za a iya ce min duk wannan gyaran takardu ne, alhali matsalar ita ce ayyukan ba su isa ba, kuma wanda ake da shi sai mai uwa a gindin murhu. Gaskiya ne, kuma a nan ne babban laifin saƙonnin Litinin yake. Suna magana kamar abin da ya raba mai aiki da marar aiki shi ne wanda ya fi tashi da wuri.

A watan Maris na 2014 dubban ɗaruruwan matasa suka biya naira 1,000 kowannensu don neman guraben da ba su kai 5,000 ba a hukumar shige da fice, aka yi turmutsitsi a filayen wasa, aka rasa rayuka. Ba rashin ƙwazo ne ya kai su can tun asuba ba. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya saurari shaidu kan yadda ake sayar da guraben aikin gwamnati. Ko alƙaluman ma sai an karanta su da hankali. Hukumar ƙididdiga ta NBS ta ce rashin aiki ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020, sannan ta ce kashi 4.1 ne a farkon 2023. Ba ayyuka ne suka sauko daga sama ba, ma’aunin aka canza: yanzu wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi ana lissafa shi cikin masu aiki. Hukumar ta kuma nuna cewa fiye da kashi 90 na masu aiki a Najeriya ba a ofis ko kamfani mai tsari suke ba.

Wannan na ƙarshe yana da ma’ana ga mai neman aikin farko. Yawancin guraben da ake da su ba sa fitowa a intanet. Suna wurin ’yan kasuwa, makarantu masu zaman kansu, asibitocin unguwa da masu kwangila, kuma ana cike su ta hanyar “wa ka sani da zai iya riƙe mana lissafi?” Wanda ya kulle kansa a ɗaki yana cike fom goma kullum ya bar kasuwar da ta fi girma. Zuwa gaida wanda ka yi koyon aiki a wurinsa, da takarda a hannu, ba roƙo ba ne. Shi ne mutumin da ya taɓa ganin aikinka da idonsa.

Saboda haka ina da roƙo ga masu rubuta waɗannan saƙonni, musamman waɗanda dubban matasa ke bi. Ku daina gaya wa wanda aka yi wa shiru cewa bai yi ƙoƙari ba. Kada ku ɗora tallan aikin da ba ku buɗe kun tabbatar ba, domin amanar da aka ba ku ce ’yan damfara ke hawa. Idan kuma za ku yi saƙon Litinin, ku sa masa aiki guda da mutum zai iya dubawa ranar Juma’a ya ce na yi ko ban yi ba. Masu ɗaukar aiki su ma, layi ɗaya na “ba a ɗauke ka ba” bai fi ƙarfinsu ba, kuma zai hana wani yin wata uku yana duba waya.

Kai kuma ƙanena ko ƙanwata da ke karanta wannan a waya, Litinin mai zuwa kada ka tura takarda ko ɗaya. Samu littafi ka ja layi huɗun nan, ka rubuta duk inda ka nema. Idan yawancinsu ba ka cika sharaɗi ba, matsalar zaɓe ce. Idan ka cika amma ba a kira, duba CV. Idan ana kira ana dawo da kai daga teburin tantancewa, baje takardunka. Idan kana kaiwa intabiyu kana faɗuwa, nemi wanda ke aikin ya zauna ya yi maka tambayoyi. Idan kuma ka duba duka ba ka ga aibu ba, to ka sani laifin ba naka ba ne, kuma kada hoton wani mai kwat ya sa ka yarda cewa naka ne.